Ina na uku ya tafi? Yadda Excel ke fitar da matsayi idan maki ya zo ɗaya, da yadda ake raba gardama

Duk ƙarshen zangon karatu sai an sami malamin ajin da ya gama shigar da maki a Excel, ya sa fomular matsayi, sai ya ga yara biyu sun zo na biyu, mai bi musu kuma ya faɗa na huɗu. Na uku babu shi ko'ina a takardar. Wani sai ya ɗauka fomular ce ta lalace, ya goge 4 ya rubuta 3 da hannunsa. A nan ne kuskuren yake shigowa, domin kafin ya taɓa takardar lissafin daidai yake.

A ce muna da aji mai yara takwas. Makin CA yana kan 40 a kwalam B, jarrabawa tana kan 60 a kwalam C, jimilla a kwalam D. An jera sunayen bisa haruffa kamar yadda suke a rajista, daga layi na 2 zuwa na 9.

| Layi | A: Suna | B: CA | C: Jarrabawa | D: Jimilla |
|---|---|---|---|---|
| 2 | Abubakar | 30 | 45 | 75 |
| 3 | Amina | 34 | 54 | 88 |
| 4 | Bala | 25 | 38 | 63 |
| 5 | Hadiza | 32 | 50 | 82 |
| 6 | Ladi | 28 | 47 | 75 |
| 7 | Musa | 36 | 46 | 82 |
| 8 | Sani | 20 | 35 | 55 |
| 9 | Zainab | 28 | 47 | 75 |

A gidan E2 a rubuta wannan, a ja ta har E9:

```
=RANK(D2,$D$2:$D$9,0)
```

D2 shi ne makin da ake neman matsayinsa, $D$2:$D$9 shi ne jerin da za a auna shi da su, sifirin ƙarshe kuma yana nufin babban maki ne na ɗaya. Da tsere ne, inda mafi ƙarancin lokaci ke cin gasa, sai a sa 1 a wurin sifirin. Tun daga Excel na 2010 akwai RANK.EQ, aikinsu ɗaya da RANK, don haka duk wadda aka samu a tsohuwar takarda ba sai an canja ta ba.

Abin da zai fito: Amina 1, Hadiza da Musa 2, Abubakar da Ladi da Zainab 4, Bala 7, Sani 8. Babu na 3, babu na 5, babu na 6.

Dalilin yana cikin tambayar da fomular ke yi. Ita dai tana ƙirga mutum nawa ne suka fi wannan yaro maki, sai ta ƙara ɗaya. Hadiza mutum ɗaya ne ya fi ta, wato Amina, don haka ita ce ta biyu. Musa ma haka. Abubakar kuwa mutum uku ne a gabansa, Amina da Hadiza da Musa, shi ya sa ya zama na huɗu. Kujera ta uku ba ɓata ta yi ba, Hadiza da Musa ne suka cinye ta biyu da ta uku tare, aka kira su duka da lambar sama. Wanda yake so ya tabbatar sai ya rubuta wannan a kwalam na gefe, zai ga amsa iri ɗaya a kowane layi:

```
=COUNTIF($D$2:$D$9,">"&D2)+1
```

Haka ake yi a filin wasa ma. A gasar Olamfik ta Tokyo, ranar 1 ga Agusta 2021, Mutaz Essa Barshim na Qatar da Gianmarco Tamberi na Italiya sun yi kunnen doki a tsallen sama a kan mita 2.37, suka amince su raba zinare. Ba a ba kowa azurfa ba. Maksim Nedasekau na Belarus tagulla ya karɓa, domin mutum biyu ne a gabansa. Abin lura shi ne shi ma ya tsallake mita 2.37 ɗin, amma ya zubar da sanda a tsallen da suka gabata, su kuwa ba su zubar ba. Ka ga a gasa ɗaya an raba gardama inda doka ta ba da abin rabawa, an kuma bar kunnen doki inda ta ƙare.

Akwai makarantun da ba sa son tsallaken lamba, suna so a ga 1, 2, 2, 3. Ana iya yi:

```
=SUMPRODUCT(($D$2:$D$9>D2)/COUNTIF($D$2:$D$9,$D$2:$D$9))+1
```

Wannan ba mutane take ƙirgawa ba, nau'in maki take ƙirgawa. Raba kowane layi da yawan masu makinsa ya sa Hadiza da Musa suka zama rabi da rabi, wato ɗaya, masu 75 su uku kuma kowa sulusi. Sakamakon shi ne Amina 1, masu 82 na 2, masu 75 na 3, Bala 4, Sani 5. Idan akwai gidan da ba komai a cikin jerin, za ta ba da #DIV/0!, don haka sai an tsaya daidai kan layin yaron ƙarshe.

Sai dai a duba abin da hakan zai rubuta a katin sakamako. Bala zai kai gida da "na 4 cikin 8", mahaifinsa ya ɗauka yaron yana tsakiyar aji, alhali mutum shida ne a gabansa. Sani, wanda shi ne kurar baya, zai zama na 5 cikin 8. A aji mai yara sittin da maki ke yawan haɗuwa, na ƙarshe yana iya fitowa na talatin da wani abu. A ganina wannan tsari bai dace da katin da ake rubuta "na kaza cikin kaza" ba, tunda lambobin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Inda yake da amfani shi ne wurin da ake raba kyauta bisa matakin maki, a ce duk wanda ya sami maki mafi girma na uku zai karɓi littafi. RANK.AVG kuma tana ba masu kunnen doki matsakaicin kujerun da suka cinye, Hadiza da Musa 2.5, masu 75 kuma 5. Masu lissafin ƙididdiga ne ke buƙatarta, ba mai rubuta 2.5 a katin yaro.

To me ya sa ake matsa wa sai an raba gardama? Dalilai biyu ne suka fi yawa. Na farko kujera ce ƙididdigaggiya: gurbin tallafin karatu biyu, ko yara huɗu da za su wakilci makaranta a gasar kacici-kacici. A jerinmu, idan gurbi biyu ne, Hadiza da Musa suna kan kujera ɗaya. Na biyu matsalar takarda ce kawai. Mutum ya yi shafin "zakarun aji", ya rubuta 1, 2, 3 a kwalam G, yana jawo sunaye da irin wannan:

```
=INDEX($A$2:$A$9,MATCH(G2,$E$2:$E$9,0))
```

Lamba 2 za ta kawo Hadiza kaɗai, domin MATCH tana tsayawa a kan na farkon da ta tarar. Lamba 3 za ta ba da #N/A tunda babu 3 a kwalam E. Musa ya ɓace daga shafin gaba ɗaya.

Maganin da aka fi yaɗawa shi ne wannan:

```
=RANK(D2,$D$2:$D$9,0)+COUNTIF($D$2:D2,D2)-1
```

A lura da $D$2:D2. An ɗaure farkon jerin, an saki ƙarshensa, don haka yana tsawo yayin da ake jan fomular ƙasa. A layi na 2 yana duba gida ɗaya, a layi na 6 yana duba biyar, a layi na 9 yana duba takwas. Aikinsa ya ƙirga sau nawa wannan maki ya bayyana daga sama zuwa layin da ake ciki. Abubakar shi ne mai 75 na farko, ba a ƙara masa komai, yana nan na 4. Ladi ce ta biyu, an ƙara mata ɗaya, ta zama ta 5. Zainab ta zama ta 6. Hadiza 2, Musa 3. Lambobi sun cika daga 1 zuwa 8, #N/A ta tafi, takarda ta yi kyau a ido.

Amma da me aka raba su? Da layin da sunan kowa ya faɗa. Tunda rajista bisa haruffa take, duk lokacin da Abubakar da Zainab suka yi kunnen doki, Abubakar ne a sama, wannan zango da na gaba da na bayansa. A misalinmu ma shi ne mafi ƙarancin makin jarrabawa a cikin ukun. Kuma gwajin da ke tona asirin fomular mai sauƙi ne: a juya jerin daga Z zuwa A. Makin kowa bai canja ba, amma Zainab za ta koma ta 4, Abubakar na 6, Musa ya hau kan Hadiza. Duk matsayin da ke canjawa don an sake jera sunaye bai cancanci a buga shi a katin yaro ba. Wannan fomula tana da wurinta, a kwalam na taimako da ake ɓoyewa, don jawo sunaye cikin shafin zakaru. A shafin kuma sai a nuna matsayin gaskiya na kwalam E kusa da kowane suna, a ga 2 da 2.

Rabawar adalci tana buƙatar ma'auni na biyu da ya shafi ƙoƙarin yaron. A ce makaranta ta tsayar cewa idan jimilla ta zo ɗaya, wanda ya fi makin jarrabawa shi ne a gaba. COUNTIFS, wadda take nan tun Excel na 2007, ita ce ke wannan aiki:

```
=COUNTIF($D$2:$D$9,">"&D2)
 +COUNTIFS($D$2:$D$9,D2,$C$2:$C$9,">"&C2)+1
```

Ɓangaren farko yana ƙirga waɗanda suka fi shi jimilla. Na biyu yana ƙirga waɗanda jimillarsu ɗaya da tasa amma sun fi shi a jarrabawa. Sai ɗaya a ƙarshe. Mu bi ta da Musa: Amina ta fi shi jimilla, ɗaya ke nan. Cikin masu 82, Hadiza tana da 50 shi yana da 46, an sami ɗaya kuma. Ɗaya da ɗaya da ɗaya, ya zama na 3. Abubakar: uku sun fi shi jimilla, Ladi da Zainab suna da 47 a kan 45 ɗinsa, biyu ke nan, ya zama na 6. Ladi: uku a gabanta, ba mai 75 da ya fi 47, ta zama ta 4. Zainab ma ta 4. A juya jerin yadda aka ga dama, waɗannan lambobi ba za su motsa ba.

Abubuwa biyu ne ya kamata a tsaya a kansu a nan, kuma sun fi fomular muhimmanci.

Na farko, da an ce makin CA ne ma'auni na biyu, da komai ya juye. Musa mai 36 zai wuce Hadiza mai 32, Abubakar mai 30 zai wuce Ladi da Zainab masu 28. Dole hakan ta faru, domin idan jimilla ɗaya ce, duk wanda ya fi a jarrabawa ya gaza a CA da daidai wannan tazarar. Kowane zaɓi yana da hujja. Mai fifita jarrabawa zai ce ita aka yi ƙarƙashin sa ido, kowa da takarda iri ɗaya a lokaci ɗaya. Mai fifita CA zai ce shi ke nuna ƙoƙarin zango gaba ɗaya. Ni na fi karkata ga jarrabawa, saboda aikin gida da ke shiga CA ba kullum ake sanin hannun da ya yi shi ba. Sai dai wanda ya zaɓi ma'auni bayan ya ga maki, ya riga ya san yaron da zai ci, ko da zuciyarsa fara ce. Saboda haka a tsayar da dokar a taron malamai tun farkon zango, a rubuta ta, shugaban makaranta ya sa hannu, a kuma sa ta a ƙasan takardar sakamako. Masu kallon ƙwallo sun san wannan. A gasar cin kofin duniya ta 2018, Senegal da Japan sun gama rukuni da maki 4 kowacce, bambancin ƙwallaye iri ɗaya, ƙwallayen da suka ci huɗu huɗu, wasansu kuma ya tashi 2 da 2. Katin gargaɗi ne ya raba su, Senegal shida, Japan huɗu, Senegal ta koma gida. Abin ya yi wa mutane da yawa ciwo, amma dokar tana rubuce tun kafin a buga wasan farko.

Na biyu, Ladi da Zainab har yanzu suna tare. Wani zai ce a ƙara mataki na uku da makin CA. Ba zai raba komai ba: idan jimilla ɗaya ce kuma jarrabawa ɗaya ce, CA ba shi da yadda zai bambanta. Mataki na uku sai ya fito daga wani wuri, kamar matsakaicin makin zangon da ya wuce, ko makin Lissafi idan matsayin aji gaba ɗaya ake fitarwa. Idan yana kwalam F, sai a ƙara wannan a cikin fomular:

```
+COUNTIFS($D$2:$D$9,D2,$C$2:$C$9,C2,$F$2:$F$9,">"&F2)
```

Kowane sabon mataki yana maimaita sharuɗɗan baya a matsayin daidaito, sabon ma'aunin ne kaɗai ke ɗaukar alamar fifiko. Wanda ya manta da sharaɗin kwalam C a wannan layi zai ƙirga mutum ɗaya sau biyu, ya ga wani ya faɗa matsayin da ya wuce inda rukuninsa ya ƙare. Idan kuma ma'aunan da aka rubuta sun ƙare yaran suna tare, a katin sakamako a bar su 4 da 4, mai bi musu na 6. Idan kujera ɗaya ce tak ake nema, a yi musu ɗan gwaji na musamman, ko a jefa ƙuri'a a gaban su da iyayensu. Kada a damƙa ƙuri'ar ga RAND, domin tana sake lamba duk lokacin da takardar ta sake lissafi, wanda ya ci da safe yana iya faɗuwa da rana.

Akwai wata dabara da ake yawan gani a tsofaffin takardu: a yi kwalam na taimako mai ɗauke da =D2+C2/1000, a sa RANK a kansa. Hadiza za ta zama 82.050, Musa 82.046, an raba su. Tana aiki muddin abin da aka ƙara bai kai tazara mafi ƙanƙanta tsakanin maki biyu ba. Da cikakkun lambobi ba matsala, tunda ƙarin bai wuce 0.06 ba. Da matsakaicin maki mai gurbi biyu bayan ɗigo kuwa, abin ya ɓaci. Yaro mai 71.33 da jarrabawa 58 zai zama 71.388, mai 71.35 da jarrabawa 30 zai zama 71.380. Na ƙasa ya haye na sama, kuma ba saƙon kuskure da zai fito. COUNTIFS ba ta da wannan rami, domin ba ta gauraya ma'auni biyu cikin lamba ɗaya.

Wata matsala kuma kishiyar kunnen doki ce, inda ido ke ganin maki ɗaya amma matsayi ya bambanta. Yara biyu masu darussa 12, ɗaya jimillarsa 856, ɗaya 855. Matsakaicin na farko 71.333…, na biyu 71.25. Idan an saita gidajen su nuna gurbi ɗaya bayan ɗigo, duka za su fito 71.3, alhali RANK tana aiki da cikakkiyar lambar da ke ƙarƙashi, ta ba ɗaya na 5 ɗaya na 6. Uba zai riƙe katuna biyu masu 71.3 ya tambayi dalili, kuma tambayarsa tana kan hanya. Ko dai a nuna gurbi biyu don a ga bambancin, ko a dunƙule lambar da gaske a gidan matsakaicin. Idan jimillar darussan tana kwalam N:

```
=ROUND(N2/12,1)
```

Sai a fitar da matsayi daga wannan kwalam. Ba a iya cusa ROUND a cikin jerin RANK kai tsaye, domin ita gidaje take karɓa a wurin. Dunƙulewar tana kuma kare COUNTIF: idan aka haɗa ">" da lamba mai jela irin 71.333…, Excel yana mayar da ita rubutu mai lambobi 15, ɗan guntun da aka yanke yana iya sa ƙirgar ta kauce.

Kurakuran hannu kuwa kowanne yana da alamarsa. Idan aka manta alamar $, jerin yana zamewa ƙasa tare da fomular, kowane yaro ana auna shi da na ƙasansa kaɗai. Alamar ita ce yaron layin ƙarshe yana zuwa na ɗaya ko nawa ya ci, kuma na ɗaya ya yi yawa a takardar. Maɓallin F4 ne ke sa alamar yayin rubutu. Idan maki ya shiga a matsayin rubutu, wanda ke faruwa idan an kwafo shi daga saƙon waya, zai jingina hagu a gidan, SUM kuma za ta tsallake shi shiru, jimillar yaron ta ragu. A gwada COUNT da COUNTA a kan kwalam ɗin, idan amsoshin sun bambanta akwai rubutu a ciki. Yaron da bai zauna jarrabawa ba kuma kada a bari sifiri ya tsaya masa ba tare da shawara ba, domin zai shiga ƙirgar "cikin kaza" kamar ya rubuta ya faɗi.

Malaman Nijar da sauran masu Excel na Faransanci za su tarar da sunayen daban: RANG, NB.SI, NB.SI.ENS da SOMMEPROD, kuma da ; ake raba sassan fomula maimakon waƙafi. Fomular farko za ta zama =RANG(D2;$D$2:$D$9;0). Lissafin bai canja ba.

Idan takarda ɗaya ta haɗa JSS 2A da 2B da 2C, kuma ana son matsayin kowa a cikin ajinsa, RANK ba za ta iya ba tunda ba ta karɓar sharaɗi. Sai a mayar da ɓangaren farko COUNTIFS, a ƙara sharaɗin aji a kowane ɓangare. Idan sunan aji yana kwalam H:

```
=COUNTIFS($H$2:$H$9,H2,$D$2:$D$9,">"&D2)
 +COUNTIFS($H$2:$H$9,H2,$D$2:$D$9,D2,$C$2:$C$9,">"&C2)+1
```

A nan sai an kula da rubutun sunan ajin. "2A" da "2 A" aji biyu ne a wurin Excel, haka ma "2A" mai ɓoyayyen fili a ƙarshe. Yaron da aka rubuta wa ajinsa daban zai zama shi kaɗai a nasa rukunin, ya fito na ɗaya, waɗanda ya fi maki a ajinsa na gaskiya kuma kowa ya hau mataki ɗaya. Kafin a buga katuna, a tace kwalam E a kan lamba 1, a ƙirga. Aji uku ya kamata su ba da suna uku, sai fa inda aka yi kunnen doki na gaskiya a sama, wanda makin jimilla da na jarrabawa za su nuna.